"Ɗan Gidan Wa Ne?": Yadda Ake Tsara Intabiyu Da Takardar Maki



Da Sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi a bana, na so in zame, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya tsaya yana bayani a gaban waɗanda suka koya masa riƙe alƙalami. Amma da ya ce maganar intabiyu ake so in yi, sai na amsa, saboda a cikin shekarun da na yi ina aikin gwamnati na zauna a kujerun nan biyu: na zauna a ta mai neman aiki, gumi yana keto mini, na kuma zauna a ta masu tambaya.

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar nan, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ya san tambayar da ake fara yi wa baƙo: ɗan gidan wa ne? A zaure wannan tambaya ce ta mutunci, da ita ake gane zumunci. Matsalar ita ce takan bi mu har ɗakin intabiyu. Yaro ya shigo, a tambaye shi unguwarsu, ya ce Kwarbai ko Limancin Kona, sai wani daga cikin kwamiti ya ce ai ya yi karatu da baffansa. Daga nan hira ta yi daɗi, a kwashe minti ashirin ana raha, ya fita kowa yana cewa yaron nan yana da hankali. Na bayansa ya shigo, ba wanda ya san gidansu, sai a tsare shi da tambayoyi masu wuya, ya daburce, a sallame shi cikin minti biyar. Da yamma a zauna a ce za a kwatanta su. To, me za a kwatanta, alhali ba abu ɗaya aka tambaye su ba? Abin lura kuma shi ne babu ko mutum ɗaya a kwamitin da ya karɓi sisin kwabo. Dukansu za su iya rantsuwa cewa sun yi adalci, kuma har zuciyarsu haka suka ɗauka. Irin wannan son kai, wanda mai shi bai san yana yi ba, shi nake so mu duba yau.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A shekarar 1955 rundunar sojan Isra'ila ta ɗora wa wani matashi mai suna Daniel Kahneman, wanda ya karanta ilmin halayyar ɗan Adam, aikin gyara yadda ake ganawa da sababbin kurata. Kafin zuwansa, mai ganawa yakan yi hira da kurtu yadda ya ga dama, sannan ya faɗi abin da ransa ya ba shi, kuma an lura hukuncin nan ba ya nuna wanda zai yi ƙoƙari a aiki. Sai ya ware halaye shida, ya rubuta wa kowane hali tambayoyi na zahiri game da rayuwar mutum, ya ce a ba kowane hali maki daga 1 zuwa 5, a gama da ɗaya kafin a shiga na gaba. Masu ganawar sun ji haushi, suna ganin an raina basirarsu, amma sakamakon ya fi na dā. Wannan mutum shi ne ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Daga baya, a 2022, Paul Sackett na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa suka sake bin ɗimbin binciken da aka tara a kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata. Sun yi amfani da ma'aunin da 0 ke nufin hanyar ba ta fi jefa ƙuri'a ba, 1 kuma ke nufin ba ta kuskure ko kaɗan. Intabiyu mai tsari ta sami 0.42, wadda ba ta da tsari kuwa 0.19. Ku lura, 0.42 ɗin ma da sauran tafiya kafin 1. Ba wanda ya ce hanyar ba ta kuskure, ta dai ninka ɗayar ne har da ɗoriya.

Bari in bar Turai da Amurka in dawo gida, in ba ku labarin wadda na sa hannu a cikinta. Wata makarantar firamare ta al'umma a nan cikin birni, ba sai na ambaci sunanta ba, ta nemi malamin lissafi guda ɗaya na aji huɗu zuwa shida. Aka roƙe ni in shiga kwamiti tare da wani dattijo, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, da wata Hajiya da ke wakiltar iyayen yara. Mutum goma sha ɗaya suka kawo takarda. Muka fara yi musu gajeriyar jarrabawar lissafi a rubuce, shida suka tsallake. Mun yi haka ne don kowa a jihar nan yana tune da 2017, lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, aka bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Amma jarrabawar rubutu iyakarta ta nuna mutum ya san lissafin. Ko zai iya sa yaro ya sani, wannan sai an zauna da shi.

Ba da tambayoyi muka fara ba. Mako guda kafin ranar, na je wurin shugaban makarantar na ce ya ba ni labarin malamin da ya fi gamsar da shi, da wanda ya fi ba shi wahala, kuma kada ya ce mini "mai ƙwazo" ko "malalaci", ya faɗi abin da kowannensu ya aikata da idonsa ya gani. Daga labaran nan muka tsamo abubuwa biyar da aikin yake bukata: gane inda yaro ya ɓata a lissafi, canza dabara idan darasi bai shiga ba, riƙe aji mai yawa ba tare da bulala ba, cika alkawarin lokaci da duba littattafan yara, da kuma iya magana da iyaye. Kowane ɗaya muka ba shi tambaya ɗaya. Duk tambayar da aka kawo, sai mu ce: wanne daga cikin biyar ɗin nan take aunawa? Baba hedimasta ya so a tambayi sunayen sarakunan Zazzau daga Malam Musa zuwa yau. Na ce ranka ya daɗe, tambaya ce mai kyau, amma ɗan birni zai ci, ɗan Giwa ko Soba ya faɗi, kuma ba ta gaya mana komai game da koyar da lissafi ba. Ya yi dariya ya janye.

Ga tambayar farko yadda muka rubuta ta, kuma haka aka karanta wa kowa, ba ƙari ba ragi: "Ka ba 'yan aji biyar aiki, yaro ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. Me kake ganin ya faru a kansa, kuma yaya za ka yi da shi?"

A nan nake so ku ba ni hankalinku, domin a ganina nan ne mafi yawan kwamitoci suke tuntuɓe. Sun ji an ce a yi wa kowa tambaya iri ɗaya, sun yi, amma sai su bar kowane ɗan kwamiti ya ba da maki a cikin goma yadda ya ji a ransa. Son kan da aka kora ta ƙofa sai ya dawo ta taga, don bakwai ɗina ba bakwai ɗinka ba ce, kuma bakwai ɗin da na ba wanda ya burge ni ba irin wadda na ba wanda bai burge ni ba ce. Maganin shi ne a rubuta, tun kafin a ga fuskar kowa, irin amsar da ta cancanci kowane maki. Ga abin da muka rubuta a ƙarƙashin waccan tambaya.

Maki 1: ya ce amsar yaron daidai ce, ko ya ce kuskure ce amma ya kasa kawo ta daidai, ko ya ce maganin shi ne a hori yaron.

Maki 3: ya kawo amsar daidai, wato 5/6, ya kuma nuna hanyar mayar da lambobin ƙasa su zama 6, amma bai faɗi abin da ya ruɗi yaron ba.

Maki 5: ya gane cewa yaron ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya nuna masa kuskuren da abin da ido ke gani, sannan ya ba shi wani lissafin don ya tabbatar ya gane.

Maki 2 da 4 muka bar su ga amsar da ta faɗa tsakani. Don mu tabbata mun fahimci juna, muka gwada takardar a kan wani malamin makarantar da ba ya cikin masu nema. Shi ne ma ya ba mu misalin da ya fi kowanne. Ya ce zai kawo rake mai gaɓa shida: rabinsa gaɓa uku, sulusinsa gaɓa biyu, idan aka haɗa biyar cikin shida ke nan. Ya ƙara da cewa zai tambayi yaron, kana da rabin rake aka ƙara maka, yaya za a yi abin hannunka ya koma ƙasa da rabi? Domin 2/5 bai kai rabi ba. Muka ce to, ga yadda 5 take.

Tambaya ta biyu iri dabam ce. Ta farko tana cewa me za ka yi, ita kuwa wannan tana cewa me ka taɓa yi: "Ba mu labarin wata rana da ka koyar da darasi ka gane yara ba su fahimta ba. Me ka yi, kuma yaya aka ƙare?" Amfaninta shi ne mai zaƙin baki yana iya tsara abin da ya kamata a yi, amma da wuya ya ƙirƙiro aji da rana da darasi nan take ba tare da labarin ya yi rami ba. Alamar da za ka gane babu komai a ƙasa ita ce mutum ya riƙa cewa "ai malami ya kamata ya yi kaza", ko "mukan yi kaza". Saboda haka muka yarda da tambayoyin bi-baya guda biyu kacal, waɗanda za a iya yi wa kowa: "Kai da kanka me ka yi?" da "Daga ƙarshe me ya faru?" Ban da su ba a yarda wani ya taimaka wa mai amsa da "wato kana nufin kaza ko?" ba, don ta nan ake miƙa wa na gida amsa a baki. Wanda bai taɓa riƙe aji nasa ba, mun yarda ya kawo misali daga koyarwar gwaji ta lokacin da yake kwalejin horon malamai, ko daga darasin da yake yi wa yaran unguwa.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. Kowa minti ashirin da biyar. Kowa da lamba, daga 1 zuwa 6, kuma da ƙuri'a aka fitar da jerin shiga. Ba a tambayar unguwa, ko gida, ko aure. Mun bar kowa ya amsa da Hausa ko Turanci, domin mun san yadda Turanci mai santsi yake rufe mana ido, mu da aka taɓa kamawa da laifin yin Hausa a aji. Wadda ta fi kowace muhimmanci kuwa ita ce: kowane ɗan kwamiti ya rubuta abin da aka faɗa, ya ba da makinsa da biro tambaya bayan tambaya, kuma ba mai cewa uffan game da mai nema sai an tattara takardu. Dalili a fili yake. A tarbiyyarmu, idan dattijo kamar Baba hedimasta ya riga ya ce "yaron nan ya yi", ni ba zan iya buɗe baki in ce bai yi ba, Hajiya ma haka. Kwamitin mutum uku sai ya koma na mutum ɗaya da 'yan amshi biyu.

Tambaya biyar, kowace maki 5, ya zama 25 a hannun kowannenmu, 75 ke nan gaba ɗaya. Mun kuma rubuta sharuɗɗa biyu tun kafin ranar. Na ɗaya, idan makin mutum biyu a cikinmu ya bambanta da 2 ko fiye a kan tambaya ɗaya, kowa zai karanto abin da ya rubuta a gwada da ma'aunin. Na biyu, idan tazarar na farko da na biyu ba ta wuce maki 2 ba, ba za mu ce wani ya ci ba, za a kai su aji su koyar.

Da aka tattara, mutum biyu suka yi gaba. Mai lamba 4 ya sami 22 a wurina, 19 a wurin Baba, 19 a wurin Hajiya, jimla 60. Mai lamba 6, wata baiwar Allah mai sanyin murya wadda da ƙyar take ɗaga kai, ta sami 18 da 19 da 20, jimla 57. Tazarar maki 3 ce, wato da a nan aka tsaya, aiki ya zama na mai lamba 4. Sai Hajiya, da take bin takardun layi-layi, ta ce akwai inda aka saɓa: a tambayar farko na ba mai lamba 4 maki 5, su biyun kuwa 3 suka ba shi. Aka ce in karanto abin da na rubuta. Na duba, ga abin da ke ciki: ya ce 5/6, ya nuna hanyar mayar da na ƙasa 6, ya yi bayani da kyau. Shi ke nan. Babu inda ya faɗi abin da ya ruɗi yaron, babu rake, babu lissafi na biyu. Amsar 3 ce tsaf, kamar don ita aka rubuta ma'aunin.

To, daga ina 5 ta fito? A nan zan tona wa kaina asiri a gabanku, don ku ne za ku fi kowa ganewa. Lokacin da yake gaisuwa, kafin a fara, ya ambata cewa shi ma wannan makaranta tamu ya gama, shekara huɗu a bayana. Ban tambaye shi ba, ban kuma yi niyyar yi masa alfarma ba. Amma daga wannan lokaci duk abin da ya faɗa sai ya riƙa yi mini daɗin ji. Da ba a sa ni na rubuta kalmominsa ba, da na yi ta musu har magariba cewa amsarsa ta fi ta kowa, kuma da gaske nake. Na soke 5 na rubuta 3, na sa hannu a gefe. Jimlarsa ta koma 58, tata tana 57.

Ku lura, gyaran bai ba ta aikin ba, har yanzu shi ne a gaba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da tazarar maki 1, wanda sharaɗinmu ya ce bai isa a yanke hukunci da shi ba. Kuma gaskiya ne bai isa ba, domin wanda ya ce 58 ta fi 57 a irin wannan awo yana ba takarda ƙarfin da ba ta da shi. Bayan kwana biyu muka ba su darasi ɗaya, minti goma sha biyar kowanne, aka raba 'yan aji biyar gida biyu, muka zauna a baya da wata gajeriyar takardar makin. Shi ya cika allo da aiki mai tsabta, yana magana yara suna kwafa. Ita kuwa muryar nan da muke ji da ƙyar sai ga ta ta cika aji, ta fito da yara uku gaban allo, ta kama kuskuren ɗaya ta sa 'yan'uwansa suka gyara masa. Mu ukun duka ita muka ba maki mafi yawa, kuma ita aka ɗauka.

Kada in bar ku da zaton abin ba shi da rauni. Tambaya iri ɗaya tana da saurin fita waje. Idan na farko ya fito ya tarar da sauran a inuwa ɗaya, kafin a kira na uku kowa ya san abin da ke ciki. Mu mun tara su a aji ɗaya da mai gadi, aka karɓi wayoyinsu, wanda ya gama ya fita ta wata ƙofar. Yadda za ka gane an yi ɓaraka shi ne ka ga maki yana hawa daga safe zuwa rana, ko ka ji mutum ya fara amsa tun ba a gama karanta tambaya ba. Idan kuwa ka ji kalmomin ma'auninku suna fitowa daga bakin mai nema, to ba daga inuwa aka samu ba, daga cikin kwamiti ne. Wani raunin shi ne ɗan kwamitin da ke ba kowa 3 don kada ya ɓata da kowa. Idan ka duba takardarsa ka ga 3 daga sama har ƙasa, wannan bai zauna a kwamitin ba, kujera kawai ya cika. Shi kuwa mai tsaurin hannu da mai sakin hannu ba su da illa sosai, muddin kowannensu ya auna duk masu neman. Illar tana zuwa ne idan aka raba kwamiti biyu, wasu suka faɗa hannun mai tsauri wasu hannun mai saki.

Akwai kuma abin da takardar maki ba ta iya taɓawa sam. Idan tun wajen fitar da sunayen waɗanda za a kira aka cire wanda ya cancanta, duk kyan tambayoyinku a kan waɗanda aka bar muku za su ƙare. Haka nan maganar dangantaka. A birnin nan ba za ka sami ɗan kwamitin da bai san kowa ba, don haka ba mu ce sani laifi ne ba. Abin da muka ce shi ne a karanta sunaye tun da wuri, wanda yake da ɗan'uwa na jini ko suruki ko ɗan ɗaki a ciki ya faɗa, a canza shi gaba ɗaya. Abin da ban yi tunaninsa ba a lokacin shi ne zumuncin makaranta, kun kuwa ji yadda ta kaya da ni.

Bayan mako guda wani babba da nake jin nauyinsa ya aiko a kira ni, ya ce ya ji an hana yaronsu aiki. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ranka ya daɗe, ba ni da ikon bayarwa ko hanawa, amma ga takardu. Na nuna masa tambayoyin, da abin da aka rubuta kafin ranar, da makin mutum uku, har da inda na soke nawa. Ya daɗe yana dubawa. Bai ce ya ji daɗi ba, amma bai sake tayar da maganar ba, kuma har yau muna gaisawa.

Ranka ya daɗe Shugaba, na ji a rahoton Ma'aji cewa ƙungiya tana shirin zaɓen ɗaliban da za ta biya wa kuɗin jarrabawa. Duk mai nema a nan ɗan makarantarmu ne, kuma da wuya a sami wanda wani a zauren nan bai san mahaifinsa ba. Na zo da kwafin takardar makin da muka yi amfani da ita, na bar ta wurin Sakatare. Tambayoyinta na malamin lissafi ne, ba za su yi wa wannan aiki ba, sai kwamiti ya zauna ya fara rubuta abin da yake nema a wurin ɗalibi. Idan an sa ranar zaman a sanar da ni, in dai Asabar ce zan zo.